Gwangwanin Baba Mai Guga

Aikina wankin ciwo ne a ƙaramin asibitin unguwarmu, kuma na daɗe a kai har hancina ya san abin da ke ƙarƙashin bandeji tun kafin in kwance shi. Mutane suna cewa ina da faɗa. Ban musa ba. Duk wanda ya yini yana wanke ciwon da mai shi ya lalata da hannunsa, in bai yi faɗa ba, to bai damu da aikin ba ne. Amma akwai tsoho guda da na yi wa faɗan da har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi, ko da yake ni ke da gaskiya.

Baba Mai Guga ake ce masa. Ɗaki ɗaya gare shi a wani gidan haya, can ƙarshen layin da nake bi in na tashi aiki. A ƙofar ɗakin akwai teburin guga da aka shimfiɗa wa tsohon bargo, da dutsen guga na gawayi, da benci. Tun yana saurayi yake wannan sana'a, a tsaye, daga safe har rana ta yi sanyi. Matarsa ta rasu da daɗewa. Ɗansu guda ne, yana aiki a wani gari mai nisa, yana kiran waya jefi-jefi, gaisuwa ce da "babu dai matsala ko?" Shi kuwa Baba bai taɓa cewa akwai ba.

Farkon zuwansa wurina, garwashi ne ya faɗo daga dutsen guga ya ƙone shi a ƙwauri. Ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da aiki, har wurin ya kumbura ya yi ja ya fara mugunya. Na wanke, likita ya duba ya rubuta masa maganin kashe ƙwayoyin cuta, irin wanda mutane ke kira kafso, na mako guda. Da bakina na ce masa, "Baba, ko ka ji sauƙi kada ka tsaya. Sai ka shanye duka."

"To, 'yata," in ji shi. Baba akwai iya cewa to. Ban taɓa ganin mai saurin amsawa kamarsa ba, har na riƙa yabonsa a gaban sauran marasa lafiya.

Ya zo wanki sau biyu, ciwon ya yi kyau, daga nan ban sake ganinsa ba. Bayan 'yan watanni sai ga shi yana ɗingishi, wurin ya buɗe. Aka sake rubuta magani, ya sake cewa to. Haka muka yi ta yi da shi, ya zo, ya samu sauƙi, ya ɓace, ya dawo. Ƙuna ta zama gyambo. Kowane zuwa ina tambayarsa ko ya shanye na baya, sai ya ce, "An sha, 'yata." Da na matsa, sai ya kawo zancen tufafin aikina, wai wanda ya goge mini su bai san inda karin guga yake zama ba. In ya sa ni dariya, magana ta wuce.

Zuwan da ya tsorata ni, jikinsa zafi rau, ƙafar ta kumbura har ƙasan gwiwa. Likita ya ba shi maganin da ya saba yi masa aiki, aka yi kwanaki, ko gezau. Sai aka ɗebi mugunyar aka kai ɗakin gwaji, aka kuma ɗauki hoton ƙashi. Abin da suke yi a ɗakin gwaji shi ne su raini ƙwayoyin cutar a faranti, su ajiye musu magunguna daban-daban, su ga wanne ke kashe su. Na Baba sun yi ta yaɗuwa har gindin yawancin magungunan da muke bayarwa kullum. Hoton kuma ya nuna cutar ta taɓa ƙashi.

Aka kwantar da shi a ɗakin ƙarshe, shi kaɗai, domin irin waɗannan ƙwayoyin suna iya bin hannu ko kayan aiki su shiga ciwon wani. Duk mai shiga sai ya sa safar hannu, in ya fito ya wanke hannu da sabulu. Aka kankare abin da ya mutu a ciwon, aka fara yi masa allura ta jijiya. Gado ɗaya ne a ɗakin da kujera ɗaya, da taga mai kallon bangon ɗakin ajiya. Kujerar nan ba mai zama. Ɗansa ya kira ya ce aiki ya riƙe shi, Baba ya ce, "Ba komai, abin ba yawa." Ina tsaye da almakashi a hannuna, na so in karɓi wayar in faɗa wa yaron nan magana, na dai danne.

Ran nan da yamma ina cikin naɗa masa bandeji sai ga sallama. Wata mata ce mai goyo, matar wani direba da suke gidan haya ɗaya. Ku zo ku ga fuskar Baba. Ya yunƙura zai tashi zaune har robar allurar ta nemi fita, yana ta "Maraba, maraba, ga kujera." Ba ta zauna ba. Daga bakin ƙofa ta ce ya jiki, ya ce da sauƙi, sai ta rage murya.

"Baba, dama gwangwanin nan ne. Babban yarona ke ta mura da tari. Na ce ko ka bar makulli wurin wani."

Baba ya saci kallona. Ni kuwa na ajiye bandejin.

"Wane gwangwani?" na ce.

"Na magani mana," in ji ta, tana mamakin rashin sanina. "Ai duk gidanmu wurin Baba muke karɓa. Ja da baƙi, fari, mai ruwan ɗorawa, babu irin wanda babu. Allah dai ya saka masa."

Na ce ta kawo yaron a duba shi, mura ba ta jin kafso, ɗaukar wa yaro wahala kawai za ta yi. Ta kalle ni sama da ƙasa, ta ce Allah ya ƙara sauƙi, ta tafi. Ko tambayar abin da likita ya ce game da ƙafar ba ta yi ba.

Na rufe ƙofa na juyo kansa. Ba zan maimaita duk abin da na faɗa ba. Na ce ashe duk "an sha" ɗin nan, rabi ake sha? Na ce tsoho da kai, kana kallon idona kana cewa to? Na ce ni ina nan ina wanke maka ciwo, kai kana can ka buɗe kemis a gwangwanin madara? Ya bar ni na yi har na gaji, kansa a sunkuye, yana shafa gefen zanen gado yana miƙar da shi da tafin hannu.

"Kin gama, 'yata?"

Na ce ban gama ba, amma ya yi magana.

Ya ce marigayiya matarsa tana da wata ɗabi'a. Ba a kankare tukunya a gidanta. Komai ƙanƙantar abin da ta dafa, sai ta rage, ta rufe, ta ce ba a san mai zuwa ba. Sabulu, gishiri, ashana, duk haka. A wurinta mai cinye abu tas ya riga ya ce ba ya son baƙo. Kuma baƙin suna zuwa. A zamaninta bencin nan ba ya rabuwa da mutane, wannan ta zo aron abu, wancan ya zo kawo ƙarar matarsa. Da ta rasu, aka yi makoki aka watse, sai ya gane ashe duk wurinta suke zuwa.

"Mai kawo guga ba ya zama," in ji shi. "Zai aje kaya ya ce yaushe zan dawo, shi ke nan. Wasu ma ta taga suke miƙowa. Sai in yini in kwana ban yi maganar da ta wuce 'dawo gobe da yamma' ba."

Lokacin ƙunar farko, da ya ga ciwon ya daina zogi, sai hannunsa ya ƙi ƙarasa maganin. Ya ga ai ya warke, kuma abu mai amfani ba a shanye shi tas. Ya zuba ragowar a gwangwani. Ba a daɗe ba wani maƙwabci ya yi ciwon haƙori, Baba ya ba shi biyu. Labari ya bazu a gidan.

"Shi mai neman magani dole ya zauna," ya ce. "Sai ya gaya maka inda ke ciwo, da yadda ya fara, da abin da ya ci. Daga nan sai a gangara kan yara, da mai gidan haya, da tsadar gawayi. Wani har sai shayi ya huce."

Tun daga nan duk maganin da aka rubuta masa, da ya ji sauƙi sai ya raba, rabi nasa, rabi na mai zuwa. In wani a gidan ya rage nasa, shi ma ya kawo a zuba. In ƙafar ta motsa masa, sai ya laluba ya haɗiyi biyu daga duk wanda hannunsa ya kama, har ta lafa.

Tausayinsa ya kama ni ƙwarai. Na zauna a kujerar da matar direba ta ƙi zama.

Washegari na gaya wa likita komai, muka shiga tare. Likitanmu ba mai yawan magana ba ne, amma ranar ya ja kujera. Baba ya riga shi da cewa ya sani, jikinsa ne ya saba da magani.

"Ba jikinka ba ne, Baba," in ji likita. "Ƙwayoyin cutar ne. Sauƙi yana riga warkewa zuwa. Ranar da zogi ya tafi, yawancinsu sun mutu, amma da saura, musamman a wuri mai zurfi kamar ƙashi. In ka tsaya a nan, sauran su hayayyafa, ciwo ya dawo, a sake ba ka magani. Kowane zagaye yana kashe masu jin maganin, ya bar wa masu jure shi fili. Ka ƙara da biyu-biyun da kake haɗiya daga gwangwani, waɗanda ba su isa su kashe komai ba. Ba zan rantse maka a wane zagaye masu taurin suka samu gindin zama ba, amma hanya kam an share musu."

"Su kuma waɗanda na ba?" Baba ya tambaya a hankali.

"Wasu ba sa bukatarsa tun farko. Masu bukata kuma ba su samu wanda ya dace ba, ba su samu isasshe ba. Ƙwayoyin da ke jikinsu su ma haka ake tace su, kuma gida ɗaya kuke, banɗaki ɗaya."

Sannan ya faɗa masa abin da ya rage. Bayan allurai, akwai magani na sha da gwaji ya nuna har yanzu yana kama su. Zai sha na makonni, kullum a kan lokaci, ba tsallake. In ya ga wani abu da bai gane ba, ƙuraje ko gudawa, ya zo ya faɗa, kada ya yanke wa kansa hukunci. Likita ne zai ce a tsaya. In aka yi wasa da wannan ma cutar ta dawo, to zancen da za a yi na gaba na yanke ƙafa ne.

Baba ya daɗe yana kallon ƙafar. "Mai guga ba ya aiki a zaune," ya ce. Wannan karon bai ce to ba, kuma hakan ya fi kwantar mini da hankali.

Da aka sallame shi, na ce tunda gidan a kan hanyata yake, ni zan riƙa biyawa ina wanke masa ciwon, kada ya yi ta takawa. Ranar farko na ce ya miƙo gwangwanin. Ya ɗauko daga ƙarƙashin gado, ya riƙe shi jim kaɗan, sannan ya ba ni. Wasu ƙwayoyin sun narke sun manne da juna, wasu babu mai iya cewa na mene ne. Na kai wa mai ba da magani na asibiti ya san yadda zai yi da su.

Ɗakin tsaf yake. Gado, kujera, ƙaramin murhu, kofuna biyu a kife. Kullum in na zo sai in tarar ya ɗora ruwan shayi. Ina wanki yana zuba, labarin rigunan da ya taɓa gogewa, da wanda ya ƙona wa hannun riga ya ɓoye a ƙarƙashin ninki, da yadda marigayiya ta tona masa asiri a gaban mai rigar. Ni kuma ina da yara a gida da girki yana jirana, sai in yi ta kallon ƙofa. Yana lura, sai ya ce, "Tashi, 'yata, kada maigidanki ya ce na sace ki." Mutanen gidan sun ji gwangwani ya tafi, ƙafa ta ɗauke. Sai dai a gaishe shi daga nesa a wuce.

Ciwon ya yi ta haɗewa. Zogi ya tafi, kumburi ya saɓe, ya fara tsayuwa da sanda yana goge riga ɗaya biyu. Nan ne inda nake jin tsoro, domin a daidai nan ya saba tsayawa, ga kuma magani na kusan mako biyu a hannunsa.

Wata rana na shigo soron gidan sai na ji muryar mace a ƙofarsa. Matar direba ce, zaune a benci, da kofin shayi a hannunta. Na tsaya inda ba sa ganina. Ba halin kirki ba ne laɓe, na sani, amma ina so in ga abin da zai yi in babu idona.

Mijinta ne ya dawo daga tafiya da maruru a cinya, ya kasa zama a mota. Baba yana ta tambaya. Yaushe ya fito? Ya yi baki? Yana zazzaɓi? Daga nan ya tambayi lafiyar yaron mai mura, da na goye ko ya fara haƙori, da mahaifiyarta. Duk abin da ta faɗa sai ya samo wata tambayar a ciki. Na gane jan zancen yake yi, kamar mai cin abu mai daɗi yana gutsura kaɗan-kaɗan. Ita kuma ta fara gajiya.

"To Baba, na ji an ce wanda aka ba ka yanzu mai ƙarfi ne. Ko huɗu ka ba ni. Ai ga shi ka warke, har kana aiki."

Ledar maganin tana kan teburin guga, kusa da hannunsa. Ya ɗora hannu a kai.

"'Yata, wannan ba ya raguwa," ya ce. "Lissafe yake da ƙafata. Kuma ko na ba ki, ban san ko shi ne na mijinki ba. Ki kai shi asibiti a duba, wataƙila ma tsagawa yake so."

"Huɗu fa kawai, Baba."

"Ko ɗaya."

Ta ajiye kofin, ta gyara goyonta ta miƙe.

"Ai da ka faɗa tun farko, da ban zauna ba."

Ta wuce ni a soro ko kallona ba ta yi ba. Na so in bi ta da magana, kuma Allah ya sani ina da ita a baki, amma na ƙyale ta. Baba yana zaune yana kallon shayin da ta bari. Can ya ɗaga kai ya dubi inda rana take, ya buɗe ledar, ya ɓallo ƙwaya ɗaya ya haɗiya da ruwa. Sai da na bari ya ɗauke kofin sannan na yi sallama. Ban nuna masa na ji ba. Ranar babu labarin riguna.

Ya shanye maganin tas. Likita ya duba jini, ya sake hoto, ya ce alamu sun yi kyau, a tsaya, amma ya riƙa zuwa ana dubawa domin ciwon ƙashi ba a saurin yarda da shi. Na yi murna ƙwarai, har na yi ta ba abokan aikina labari.

Ranar da na je na kwance bandeji na ƙarshe, fata ta rufe, sai tabo mai sheƙi. Na danna gefe da gefe, babu zafi, babu ruwa.

"Baba, barka. Wannan ba ya bukatar wanki kuma."

"Alhamdu lillahi," in ji shi. Ya shafa tabon. Yana kallona ina mayar da auduga da almakashi cikin jaka. "Ke ma kin gama zuwa ke nan."

Na ce haba, ai hanyata ce, zan riƙa leƙowa.

"To, 'yata," ya ce.

Ya miƙe zai raka ni. Na miƙa masa sandarsa, ya ce a bar ta. Ya taka da ƙafafunsa biyu har ƙofar gida, ba ɗingishi. Muka yi sallama na kama hanya. Da na kai kwanar layin na waiwaya, yana nan tsaye a bakin ƙofa, mutane suna wucewa ta gabansa.